Ranar da ɗana ya ci amanata a kan taswira

'Yar'uwa, idan ɗan cikinki ya dube ki ya ce "Mama, ni da ke har ƙarshe", sannan ya ƙwace miki gari biyu, ya za ki ji? Ni dai na sha wannan, ranar wata Asabar da ba ni da aiki a asibiti.

Ƙanena ne ya kawo mana wasan Diplomacy, wanda Ba'amurke Allan Calhamer ya fitar a 1959. Mutum bakwai ke bugawa a kan taswirar Turai, ana farawa daga shekarar 1901. Cibiyoyi 34 ne, wanda ya riƙe 18 shi ya ci. Ba sa'a a ciki: ku yi ƙus-ƙus, kowa ya rubuta umarninsa a ɓoye, a buɗe lokaci guda. Ƙarfin kowace runduna ɗaya ne, don haka ba ki iya ture kowa sai wata rundunar ta mara miki baya. Dole ki nemi aboki ke nan.

Ina Faransa, ɗana mai shekara 14 yana Ingila. Muka haɗa kai muka cinye Jamus, kowa ya kai cibiya 8. Na juya da rundunonina kudu wajen Italiya, na bar Brest da Beljiyam ba mai gadi. Da bazara ya shigo da jirginsa mashigin ruwan da ke tsakaninmu, wai wucewa zai yi. Da kaka ya kama duka biyun: shi 10, ni 6. Bai zaɓi lokacin a banza ba, domin sai bayan zagayen kaka ake ƙirga cibiyoyi, a ƙara wa mai riba runduna, a rage wa mai asara.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tuhumar tarbiyyar da na ba shi. Sai da na huce na yi lissafi irin na masu nazarin dabarun wasa. A wurinsu ƙawance yana ɗorewa ne muddin abin da zai kawo gobe ya fi ribar cin amana yau. Lokacin da Jamus take da ƙarfi, rabuwa da ni asara ce gare shi. Da ta faɗi, amfanina ya ragu, ga gidana a buɗe. Ni na sauya masa lissafin. Da na bar runduna ɗaya a Brest, ribar ta ragu da rabi.

Amma lissafin nasa bai cika ba. Da sauran suka ga ya yi gaba, sai suka taru a kansa, bai kai 18 ba. Mako na gaba kuwa ba wanda ya yarda ya haɗa kai da shi, aka fara fitar da shi. Wasan ya ƙare, amma mutanen gidan ba su manta ba.

Da dare ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Mama, ashe ribar gari biyu ba ta kai ba." Ban ce komai ba, na miƙa masa tuwonsa.

Ke fa, da kin yi masa faɗa ko kin bar shi ya gane da kansa?