Auren ’Yarmu ta Biyu, Ba Mu Ci Bashi Ba



Lokacin da muka aurar da babbar ’yarmu, mun karɓi gado da kujeru bashi, muna cewa gudummawar biki za ta biya. Gudummawa ta shigo, amma ta tafi a abincin baƙi da kuɗin motar dangin da suka zo daga Kano. Wata goma sha ɗaya muna zarar jarin shago muna biya. Liman ya ja sallah, ya waiwayo ya ga mai binsa bashi a sahun gaba, wallahi ba daɗi.

Da auren ƙanwarta ya taso, sai muka sake dabara. Kafin a sa rana, muka zauna da waliyyin ango da takarda da biro. Sadaki, lefe, hayar ɗaki ta shekara da kuɗin ejan, walima da goron ɗaurin aure, duk nasu ne. Gado, katifa, kujeru da gara namu. Kayan kicin na uwar yarinya, daga adashinta na mata. Kun san a nan Ibadan abin da ke karya mutum shi ne baƙin Arewa, shi ya sa muka rubuta cewa kowane ɓangare zai ɗauki motar mutanensa da masaukinsu. Mu mota ɗaya muka ce, mutum goma sha huɗu. Wata goggo ta yi fushi, daga baya ta huce.

Namu lissafin ya kama naira 900,000. Muka nemi a sa rana wata goma, muka shiga adashin mutum goma, zubin 60,000 duk wata, kwasa 600,000. Abin lura a nan: wanda ya kwashi farko bashi ya ci, don zai yi wata tara yana biya. Mu kwasa ta tara muka roƙa, biki ya wuce saura zubi ɗaya tak a kanmu.

To, kwasar baya ma tana da nata haɗari. In wanda ya riga ya kwasa ya gudu, kai za ka yi asara, saboda haka ba mu shiga da kowa ba sai masu shago a layinmu. Sannan kaya na tashi kuɗi na jira. Don haka ragowar 300,000 ba mu ajiye su kuɗi ba: 30,000 muke warewa duk wata, in sun taru mu sayi abu. Katifa tun wata na huɗu tana ɗakin uwargida.

Duk da haka kujeru sun tashi da 70,000 kafin mu kwasa. Muka rage gara, muka soke anko. Gudummawa kuwa ba mu sa ta a lissafi ba, ai biki ne, ramawa za mu yi.

Allah Ya ba yaranmu zaman lafiya, Ya rufa mana asiri. Amin.