Daren da na yi kamar ban ji kiran Inna ba

Ina aji biyu na babbar sakandare lokacin da kakata, wadda muke kira Inna, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo ta daga asibiti sai aka shimfiɗa mini katifa a ɗakinta, domin Mama tana goyo, kuma ni ce babba a cikin 'yan matan gidanmu. Ba wanda ya nemi ra'ayina, ni ma ban ga abin tambaya ba. Ai Inna ce ta goye ni.

Ma'aikaciyar jinya ta nuna mana cewa dole a riƙa juya ta duk bayan awa 2, don kada fatar ƙugunta da dugaduganta su yi gyambo saboda kwanciya. Wato in tashi ƙarfe 12 na dare, da ƙarfe 2, da ƙarfe 4, sannan in shirya makaranta bayan sallar asuba. Ga canza zani idan ya jiƙe, ga ba ta kunu a zaune, cokali bayan cokali, don kada ta ƙware. Masana suna cewa mai shekaru irin namu yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Ni da ƙyar nake haɗa 5, su ma a gutsuttsure.

A makonnin farko gajiya ce irin wadda kowa ya sani: in na samu na yi barci ranar Asabar, sai in tashi garau. Wajen mako na shida ne abin ya canza. Ko na yi barcin, sai in tashi kamar an yi mini duka. Na fara karanta layi ɗaya sau uku ban gane ba. Na daina zuwa wurin ƙawayena. Ƙanena ya taɓa littafina, na zabga masa mari. Duk wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Abin da ya tsorata ni a hannuna na gan shi. Da can in zan juya Inna sai na yi mata sannu, na gyara mata matashin kai. Yanzu kuwa juyawa kawai nake yi, ko fuskarta ba na kallo. Wani dare ta kira ni sau uku da muryarta mai sarƙewa, na ja bargo na yi shiru. Da na tashi daga baya na tarar zaninta ya jiƙe, tana rawar sanyi. Na canza mata ina kuka, na tabbata ni muguwar jika ce.

Malamarmu ta kimiyyar halittu ce ta tsare ni da ta ga ina gyangyaɗi. Da ta ji labarina sai ta ce ba mugunta ba ce. Ta ce a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin irin wannan gajiya a wurin ma'aikata, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin, kuma aikin ya daina kyau. “Ke dai ba albashi ake ba ki ba,” in ji ta, “amma duka ukun kina da su.” Ta ƙara da cewa in baƙin ciki ya zauna mini har mako biyu ba ya tafiya, lallai in ga likita.

Na sha faɗa a gida cewa na gaji, amsar kuwa ɗaya ce: sannu, Allah ya ba da lada. Ba don ba su damu ba. “Na gaji” ba ta gaya wa kowa abin da zai yi. Wannan karon sai na zauna da takarda na rubuta duk aikin da lokacinsa, na kai wa Mama.

“Mama, zan riƙa kwana da Inna daren da babu makaranta washegari, dare biyu a mako. Sauran biyar ɗin ba zan iya ba. Shekaranjiya ta kira ni, na kasa tashi.”

Mama ta daɗe tana kallon takardar. Ashe ba ta taɓa lissafa cewa sau uku nake tashi kowane dare ba. Ta kira Gwaggo, wadda da farko ta ce yaran zamani ba su da juriya, amma ta karɓi dare uku. Mama ta ɗauki biyu. Yaya aka ba shi ɗaga Inna zuwa kujera da safe da sayo magani.

Tsarin yakan karye. Ranar da Gwaggo ta tafi biki ni na kwana, amma na ce a rama mini da daren Juma'a, aka kuwa rama. Takardar tana nan manne a bayan ƙofar Inna. A mako na biyu da fara aiki da ita, ina juya Inna ƙarfe 2 na dare, sai na ji ina tsokanarta cewa ta ƙara nauyi, ta kai mini duka da hannunta mai lafiya.