Shawara Ba Ta Jiran Ranar Suna

Mu da ake kira raɗin suna a nan Sabo, mukan tarar da jariri idonsa ya yi ruwan ɗorawa, wai an bari sai an yanka rago tukuna a je asibiti. Haba jama'a! In shawara ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa, yaro ya tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

A duba shi da rana a bakin taga: farin ido, dasashi, sannan a danna hancinsa da yatsa a saki. In launin ya fito tun ranar haihuwa, ko ya kai tafin hannu da ƙafa, a kai shi asibiti ranar nan. Suna da fitilar da suke kwantar da yaro a ƙarƙashinta. Shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa.

Mai jego kuma ta riƙa ƙirga kunzugu. Daga kwana 5, a samu jiƙaƙƙe aƙalla 6 tsakanin dare da rana, shan nono sau 8 ko fiye. Wanda barci ke hana shi kama nono, kada a ce haƙuri ne da shi, a kai shi a duba. Addu'a za mu yi masa, amma ban da ɗura rubutu ko jiƙo. Kafur ma a fitar da shi daga kayansa, yana tayar wa wasu yara da shawara.