Ranar da Kawu ya sa a takarda

Kasuwancin atamfa a Kantin Kwari bashi ne yake juya shi. Babban dila yakan ba mai shago kaya a kan wa'adin kwana talatin, mai shago ya ba 'yan sari da dillalan cikin gari, su kuma su ba matan gida da teloli. Idan kuɗi ya maƙale a hannun na ƙasa, kafin mako biyu na sama ya ji a jikinsa. A zamanin da nake yaron shago wurin ƙanen mahaifiyata, yawancin wannan hulɗa da baki ake yin ta, sai ɗan littafin da kowa yake rubuta nasa. Amma kamfanin da muke karɓar atamfar masaƙun Kaduna a hannunsa ba ya aiki da baki. Yana da akawu, yana da manaja, kuma manajan ma akwai waɗanda yake ba bahasi. Abin da bai shiga fayil ba, a wurinsu bai faru ba.

Shekarar 1994 ta zo wa 'yan Kwari da nauyi biyu. A watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, sai baƙinmu na Maraɗi da Damagaram suka ga kuɗinsu ya daina saye musu abin da ya saba. A farkon Yuli kuma ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki a kan zaɓen 12 ga Yuni da aka soke, aka yi wajen wata biyu ana fama. Layin mai ya miƙe, galan ya yi tsada a hannun 'yan bumburutu, motocin da ke bin hanyar Katsina da Jibiya suka ragu. Kaya na jibge a shago, masu saye ba su da hanyar zuwa.

Mun ɗauki kaya na naira 480,000 ranar 11 ga Yuli, lokacin kowa yana zaton yajin ba zai daɗe ba. Wa'adi zai cika Laraba 10 ga Agusta. Da watan ya kama, abin da ke hannu 180,000 ne. Kawu bai jira ranar ta zo ba. Mako guda kafin wa'adi ya ce a rubuta takarda, kuma dalilinsa na lissafi ne. Kamfani ma yana da ranar da zai biya masaƙa, kuma ya riga ya sa kuɗinmu a cikin abin da yake jira. Idan ya sani da wuri, zai iya neman cike gurbin daga wani wuri. Idan kuwa sai da akawunsa ya zo karɓar kuɗi aka fara ba shi haƙuri, to an riga an jefa shi cikin rami, kuma duk abin da aka faɗa bayan nan uzuri ne kawai zai ji.

Rubuta takardar ba ta ɗauki lokaci ba. Abin da ya cinye mana dare shi ne tsayar da ranar da za a sa a ciki. Bayan isha'i Kawu ya sa na ɗauko littafin bashi, ya ce in karanto masa duk wanda muke bi, shi kuma yana raba su. Akwai wani baƙonmu na Maraɗi da muke bi 150,000, mun yi shekara da shekaru muna hulɗa, ya kuma aiko da saƙo ta hannun direba cewa zai shigo wajen 20 ga wata. Kawu ya ce a sa shi, amma a ɗauka sai 24 zai iso. Akwai dillalai mata na cikin gari da suka saba kawo 30,000 duk mako. Ya ce a rubuta 20,000, domin su ma masu saye a hannunsu suna cikin matsi. Mako uku ya ba da 60,000. Sai cinikin shago na yau da kullum, wanda ya ƙiyasta a kan 5,000 a rana bayan an cire cefane da kuɗin 'yan dako, ya kuma cire Juma'a gaba ɗaya saboda rabin wuni ake yi. Daga 4 zuwa 24 ga Agusta kwana 18 ke nan, wato 90,000. Idan an haɗa duka, 300,000 ta cika cif a ranar 24.

Saura mutum ɗaya a littafin, kuma shi ne mafi girma: wani ɗan kwangila da ya ɗauki yadi na 200,000 ya kai wa wata ƙaramar hukuma, kullum yana ce mana an sa hannu a bocarsa, ceki ya kusa fita. Na karanto sunansa, Kawu ya girgiza kai.

"Tsallake shi, ɗana. Shi kansa bai san ranar da za a biya shi ba, ina zan ɗora tawa ranar a kan tasa?"

Wannan ita ce ƙa'idar da ya bi. Kuɗin da ranar shigowarsa take hannun wani na uku, wanda ba ka gani ba ka kuma iya matsa masa, ba ya shiga lissafin alkawari, komai yawansa. Ko da cekin ya fito ma, a wancan lokaci cekin bankin wani gari yakan yi makonni kafin ya zama kuɗin da za ka taɓa.

Bayan lissafi ya tsaya a kan 24, sai ya ƙara mako guda, ya ce a rubuta Laraba 31 ga Agusta. Na tambaye shi ko ba zai fi daɗin ji ba a ce 24 ɗin, tunda gajeren jinkiri ya fi saurin karɓuwa. Ya ce manaja zai ji nauyin mako uku sau ɗaya ya wuce wurin, amma idan aka ce masa mako biyu aka dawo neman ƙari, takarda ta biyu ba ta da sauran daraja, kuma ta ɓata ta farko. Ya duba kalanda ma don kada ranar ta faɗa Juma'a, ko ƙarshen mako da banki ke rufe, ko hutun Mauludi da ya faɗo a cikin watan.

Da safe na kai wa mai tafireta da ke zama kusa da gidan waya, ya buga da Turanci, kwafi biyu. Abin da Kawu ya shibta mini da Hausa kuwa, ga shi kamar yadda nake iya tunawa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Muna magana ne a kan kayan da muka karɓa ranar 11 ga Yuli, mai lambar takarda kaza, na naira 480,000, wanda wa'adin biyansa zai cika ranar 10 ga Agusta. Ƙarancin mai ya hana baƙinmu shigowa, don haka ba za mu iya cika kuɗin a wannan rana ba. Ga naira 180,000 tare da wannan takarda. Ragowar naira 300,000 za mu biya da daraf na banki ranar Laraba 31 ga Agusta 1994, in Allah ya yarda, a ofishinku. Idan ranar ta zo da saura, a shirye muke mu mayar muku da dilolin da ba a kwance ba a kan farashin da muka karɓa. Muna roƙon ku amince da wannan a rubuce."

Ba ta wuce haka ba. Dalili jimla ɗaya aka ba shi. Na ga takardun wasu maƙwabtanmu da suka cika shafi biyu da labarin rashin lafiyar iyali da kuɗin makaranta, aka ƙare da "nan ba da jimawa ba" ko "da zarar al'amura sun daidaita". Wahalarsu gaskiya ce, amma akawu ba shi da gurbin da zai rubuta "ba da jimawa ba" a cikin littafinsa. Lambar takarda yake nema, da adadi, da rana. Kuma "in Allah ya yarda" da Kawu ya sa, bayan rana ta zo, ba a madadinta ba. Mai bin bashi a Kano ya san bambancin waɗannan biyun sarai.

Akwai abu biyu da ya ƙi sawa, kuma har yau ina ganin daidai ya yi. Mai tafireta ya ba da shawarar a haɗa da ceki mai kwanan wata na gaba, wai ya fi kwantar da hankalin kamfani. Kawu ya ƙi, domin tun 1977 akwai doka a Nijeriya da ta mai da ba da cekin da ba kuɗi a bayansa laifi mai kai mutum gidan yari, kuma ceki idan ya bar hannunka ba ka da iko a kan sa'ar da za a kai shi banki. Daraf kuwa sai kuɗi ya shiga banki yake fita. Na biyu, bai yi tayin ƙara ko sisi a kan jinkirin ba, saboda ƙari a kan bashi don an ƙara lokaci riba ce da addini ya hana. Abin da ya bayar a matsayin tabbaci kuɗin hannu ne da kayan da ke jibge, waɗanda kamfani zai iya aiko mutum ya ƙirga.

Da kansa ya kai takardar, ina biye da jakar kuɗi. Manaja ya karanta, ya tambayi inda 300,000 za ta fito, Kawu ya zayyana masa lissafin daren jiya ba tare da ya ɓoye cewa rabin kuɗin yana hannun mutum ɗaya a ƙetaren iyaka ba. Aka karɓi kuɗi aka ba mu rasidi, aka buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu, manaja ya rubuta amincewarsa a ƙasa ya sa hannu. Ya gindaya sharaɗi guda: ba za a ba mu sabon kaya ba sai an rufe wannan. Sharaɗin ya yi mana ciwo, domin an fito da sabon zane a daidai lokacin ɗinkin Mauludi da Takutaha, muna gani maƙwabta suna sayarwa. Jinkiri yana da farashinsa ko da ba a ƙara maka kuɗi ba, kuma wannan ne namu.

Mutumin Maraɗi bai iso ba sai 27 ga wata, kuma da 110,000 ya zo, ya ce sauran sai wani zuwan. Da an rubuta 24, da alkawari ya karye. Giɓin 40,000 ya cike ne daga wuraren da Kawu ya rage ƙiyasi da gangan: dillalai sun kawo fiye da 20,000 a mako biyu daga cikin ukun, cinikin shago ya ɗan motsa saboda bikin, ga kuma kwanakin makon da aka ƙara. Ranar Talata 30 ga wata aka yanki daraf, Laraba da hantsi aka miƙa shi, aka karɓo rasidin da ya nuna babu saura. Cikin Satumba, bayan yajin ya ƙare, kamfani ya sake ba mu kaya a kan wa'adin kwana talatin kamar da, bai rage mana adadi ba. Ɗan kwangilar nan kuwa, sai bayan azumin shekarar da ta biyo ya kawo kashin farko na kuɗinsa.