Kafin mu rataye fanka, mu fara auna ɗakin

Duk wanda ya yi watan Maris a Lafia ya san fankar sama ba kayan ado ba ce. Daga Fabrairu har saukar ruwan farko, kwanon rufi yakan yini yana shan rana, da daddare kuma ya sauke mana zafin a ka. Tun da aka ƙaddamar da babbar tashar lantarki ta Akurba a 2022, gidaje da yawa sun ƙara fankoki, amma yadda muke saye bai sauya ba. Mukan shiga kasuwa mu ce a ba mu babba mai inci 56, mu miƙa wa mai wayarin, shi ke nan. Alhali awo biyu ne ya kamata su zaɓa mana fanka: faɗin ɗakin da tsayin silin.

Mu fara da faɗi. Incin da ake rubutawa a kwali shi ne faɗin da'irar da fukafukai ke zanawa idan suna juyawa. Mai son sanin girman wadda ke ɗakinsa, ya auna daga tsakiyarta zuwa ƙarshen fiffike ɗaya, ya ninka biyu. Shi kuwa ɗaki, tsawonsa ake bugawa da faɗinsa. Ɗakin da muka saba ginawa, ƙafa 12 da ƙafa 12, ya ba da murabba'in ƙafa 144. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ba irin wannan ɗaki fanka mai inci 36 zuwa 42. Zafin Lafia ya fi ƙarfin wannan lissafi, don haka mu a nan inci 48 muke ganin ya dace da shi. Mai inci 56 kuwa ta babban ɗaki ce, kamar ƙafa 14 da 16. Ƙaramin shago ko kicin, inci 36 ta wadatar.

Me zai hana a sa babba ko'ina? Fanka tana tura iska ƙasa ne, iskar ta bi bango ta hau, ta dawo mata ta sama. Idan bakin fiffike ya matse da bango, hanyar dawowar ta ƙuntata, sai a yi ta jin ƙugi ba iska. Shi ya sa ake barin aƙalla inci 18 tsakanin bakin fiffike da bango ko duk abin da ke tsaye. Ɗauki irin ɗakunan hayar da ɗalibai ke kamawa, masu faɗin ƙafa 8, wato inci 96. In aka jingina wadirof mai kaurin inci 24 da ya kusa taɓa silin, saura 72. Cire 18 ta kowane gefe, abin da ya rage inci 36 ne, kuma iyakar fankar da ɗakin zai ɗauka ke nan.

Dogon falo kuma nasa daban ne. Falo mai ƙafa 12 da 24 tamkar ɗakuna biyu ne a haɗe. Babba guda a tsakiya za ta bar na kusurwa suna fifita da mafici. Gara biyu masu inci 48, kowacce ƙafa 6 daga bangon ƙarshen da ke kusa da ita.

Sai batun yawan fukafukai, inda ake yawan musu a gaban mai shago. Da yawanmu na ɗauka mai biyar ta fi mai uku iska. Ba yawa ke kawo iska ba. Ƙarfin injin, saurin juyawa, da karkatar fiffiken su ne ke aikin. Kowane ƙarin fiffike ƙarin nauyi ne da ja ga injin, saboda haka a kan inji iri ɗaya mai uku takan fi gudu, mai huɗu ko biyar kuma takan fi natsuwa da ƙarancin ƙara. A wurin da wuta kan zo da rauni, ko ake kan janareto, sauƙin mai uku riba ne. Masu sola kuma su duba wat ɗin da ke jikin kwali. Fankar da muka saba tana cin wajen wat 70 zuwa 80, sababbin masu injin BLDC kuwa kusan rabin haka ko ƙasa.

Inda haɗari yake shi ne tsayi. An gina ɗaki da tsayinsa, aka zo aka shimfiɗa tayil, aka sauke silin fi-o-fi don ado, sai ga shi tsakanin ƙasa da silin ƙafa 8 kacal, inci 96. Ƙa'idoji biyu ne ke jan juna a nan. Kada fukafukai su sauko ƙasa da ƙafa 7 daga daɓe, wato inci 84. Kada kuma su manne da silin, domin suna bukatar kamar inci 10 zuwa 12 a samansu su jawo iska. Cire 84 daga 96, saura inci 12. Wannan ɗan tsakanin ne kaɗai muke da shi.

A ce an haɗa fankar da sandar da ta zo da ita, aka auna daga silin zuwa fiffike aka sami inci 18. Fukafukan za su tsaya a inci 78, ƙafa shida da rabi. Magidanci ya ɗaga hannu zai cire babbar riga, ko uwa ta ɗaga jariri sama tana masa wasa, Allah ya kiyaye. Dole a rage inci 6. Ko dai a sayi gajeriyar sanda, ko a yanke wannan a huda sabon rami da na'urar huji, a goge bakin don kada ya yanki waya, a mayar da noti tare da ɗan fil ɗin da ke hana shi kwancewa. Ƙusar da aka lanƙwasa ba ta maye gurbinsu. Ko a ƙafa 7 ɗin, hannun dogon mutum yana kaiwa, don haka kada a ajiye gado mai hawa biyu kusa da ita. Silin da bai kai ƙafa 8 ba kuwa, a haƙura a sa fankar bango ko ta tsaye.

Abin da ke riƙe da ita ma sai an duba. Fi-o-fi da silin roba ba sa ɗaukar nauyin abu mai juyawa dare da rana. A gidan dekin, ƙugiyar rodi ce da aka binne cikin kankare. A gidan kwano, katako mai kauri ake gittawa tsakanin katakan rufi biyu, a ɗaure ƙugiya da noti, bayan an tabbatar gara ba ta ci shi ba. Mai gini ya sa a yi wannan kafin a rufe silin, domin daga baya sai an fasa.

Bayan an rataye, fankar za ta nuna ko aikin ya yi. In tana rawa, a kashe wuta, a auna daga silin zuwa bakin kowane fiffike a wuri guda, ana juyo su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bambanta ya lanƙwashe ko notinsa ya saki. Kada a gauraya fukafukan kwali biyu, ko da kamfani ɗaya ne, don an daidaita nauyin kowane saiti tun daga masana'anta. In tana gudu sosai amma iska ba ta sauka, ko an kife fukafukan ko ta yi kusa da silin. In kuwa sai an tura ta da sanda take tashi, yawanci kafasito ne ya gaji, kuma canza shi ya fi sayen sabuwa araha nesa ba kusa ba.

Saboda haka kafin mu nufi kasuwa, mu rubuta lambobi uku a takarda: tsawo, faɗi, da tsayi daga tayil zuwa silin. Da su za a yi ciniki. Allah ya ba mu bazara mai sauƙi.