Da Dā a Tsaye Ake Jira, Yanzu a Tsugune: Yadda Mai Raga Ya Sauya Wuri a Wasan Tanis na Bibbiyu

Yaron da ya tashi a Kambaza ko Gwandu ko Kalgo ya fi sanin ƙwallon ƙafa da kokawa. Tanis a ƙasar Hausa ya shigo ne ta kulob-kulob na Turawan mulki, sannan ya zauna a manyan birane irin Kano da Kaduna, inda gasa kamar Dala Hard Court ta Kano ta daɗe tana tara 'yan wasa. Amma Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wasan bibbiyu. Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ya ci kofuna bakwai na bibbiyu a gasannin ƙwararru. Wanda ya ga wasan wancan zamani, ya kalli na yau, abu na farko da zai ba shi mamaki shi ne wurin tsayuwar mai raga.

A da, tsayuwar ɗaya ce kusan kullum. Mai sabis yana bayan layin ƙarshe, abokinsa yana kusa da raga a ɗaya ɓangaren, yana gadin lungun gefe mai faɗin mita 1.37. Da an buga sabis sai mai sabis ya ruga gaba, su jeru su biyu a raga. Masu koyarwa kan ce a ɗauka an ɗaure su da igiya a ƙugu: in ɗaya ya karkata hagu, ɗayan ya bi shi, don kada tsakiya ta buɗe. Faɗin filin bibbiyu mita 10.97 ne, kowa na da kusan biyar da rabi, kuma mutum biyu a raga sun isa su rufe shi muddin ƙwallon da aka maido tana tafe a hankali. Da raket ɗin katako haka take zuwa, a yanke, tana shawagi. Da wannan tsari John McEnroe da Peter Fleming suka ɗauki Wimbledon sau huɗu, Todd Woodbridge da Mark Woodforde kuma sau shida tsakanin 1993 da 2000.

Abin da ya karya tsarin kayan aiki ne. A farkon shekarun 1980 raket ɗin katako ya ba da wuri ga na girafait, daga baya kuma tsirkiyar foliyesta ta bazu bayan Gustavo Kuerten ya ci gasar Faransa da ita a 1997. Mai karɓar sabis ya samu damar dukan ƙwallo da ƙarfi ta kuma nutse da wuri. Yana aika ta a karkace, ta tsakiyar raga inda tsayinta bai wuce santimita 91.4 ba, ta faɗi a ƙafafun mai sabis yana cikin gudu. Mai raga yana tsaye a lungunsa yana kallo, yana gadin wurin da ƙwallo ba ta zuwa. Dole ya tashi daga nan.

Yanke ƙwallo a raga ba sabon abu ba ne, McEnroe gwani ne a kai. Abin da ya sauya shi ne ya koma abin da ake shiryawa kafin sabis. Mai raga zai kai hannu bayansa: dunƙulallen hannu na nufin zai tsaya, buɗaɗɗen tafi na nufin zai ƙetare. Lokacin tashi shi ne duk sirrin. In ya motsa kafin mai karɓa ya saki raket gaba, an gan shi, za a wuce shi ta lungun da ya bari. In ya jira har ƙwallo ta bar raket, ya makara. Kuma ba a tafiya gefe tsantsa, ana yankawa ne gaba-gaba zuwa tsakiyar raga, don a sami ƙwallon tana sama da raga a danna ta ƙasa, ga ƙafafun mai ragar abokan hamayya. In ka ga mai yanka yana ɗago ƙwallo daga ƙasa da gwiwarsa, to gefe ya tafi, bai shiga gaba ba.

Tsayuwar I ita ce ta kai wannan dabara ƙarshe. Mu ɗauki maki 30-40, sabis daga ɓangaren hagu, mai karɓa kuma tun farkon wasa yana zuba ƙwallo a karkace ba ya kuskure. Sai mai sabis ya matso dab da alamar tsakiya. Abokinsa ya tsuguna a kan layin da ya raba akwatunan sabis, kamar taku uku daga raga, ya yi ƙasa da kai don sabis ya wuce ta samansa. Sun zama layi ɗaya ke nan, kamar harafin I. Ya nuna da yatsa cewa hagu zai je, wato hanyar da mai karɓa ya saba bi. Mai sabis ya san nasa dama ne. Yanzu mai karɓa yana da zaɓi biyu, babu mai daɗi: ya bi hanyarsa ya tarar da mutum, ko ya miƙe da ƙwallon ta gefen layi, inda raga ta fi tsayi, tana dosar mita 1.07 wajen sanda, filin kuma ya fi gajarta. Sharaɗin dai sabis ya bi tsakiya ko ya nufi jikin mai karɓa. In aka buga shi can waje, an buɗe masa hanyar gefen layi, mai sabis kuwa daga tsakiya ba zai kai wurin ba. Yawancin masu son wasan da na ga sun gwada tsayuwar nan ta ƙi su, a nan suka faɗi, ba a wajen tsugunawa ba.

Kowace kusantar raga tana da farashi, farashin kuwa lob ne, ƙwallon da ake cillawa sama ta bayan kai. Daga raga zuwa layin ƙarshe kusan mita 12 ne. Mutanen da sun fi mu girmama lob. Ƙa'idarsu ita ce kowa ya ɗauki wadda ta bi ta kansa, ya ja da baya a karkace ya sauke ta da simash, kada ya bari ta taɓa ƙasa, domin barinta ta faɗi sallama raga ne. Sai in ta fi ƙarfinsa ne abokinsa, wanda ke ganinta daga gefe, zai kewaya ta baya ya ɗauka. A nan wanda aka wuce ba ya tsayawa kallo: zai ƙetare zuwa ɗaya ɓangaren, ya ja baya har layin sabis, mita 6.40 daga raga, ko ma layin ƙarshe in ya ga abokinsa a matse yake. Kalma ɗaya ta wadatar, "tawa" ko "sauya", amma a faɗe ta tun ƙwallo na hawa. Ana kuma gane lob kafin ta tashi, fuskar raket takan kalli sama, nauyin mai bugu ya koma ƙafar baya.

A tsayuwar I lamarin ya fi tsanani, don mai raga ya riga ya zuba nauyinsa gaba, shi ya sa da yawa daga masu sabis na yau ba sa rugawa raga, suna zama a baya su tsare lob. Masu karɓa ma sukan koma baya su biyu, su hana mai yanka wanda zai nufa. Tun da aka shigo da makin raba gardama a 40-40 cikin gasannin maza na ƙwararru a 2006, maki ɗaya yana iya cinye sabis, sai cacar yanke ƙwallo ta ƙara daraja. Tagwayen nan Bob da Mike Bryan, masu kofuna 119, sun haɗa tsohon salo da sabo har suka yi ritaya a 2020.

A ganina tsohon tsarin bai mutu ba ga mai wasa a kulob. Inda sabis na biyu ba shi da ƙarfi, tsugunawa a tsakiya miƙa kai ne ga ƙwallo. Gara mai raga ya tsaya a tsakiyar akwatin sabis maimakon lungu, ya yanka ko sau ɗaya a sabis ɗin farko na abokinsa don mai karɓa ya fara shakka, tsayuwar I kuma a ajiye ta sai an haɗu da mai karɓar da ba ya kuskuren ƙwallon karkace.