Ɗigon da ke kan sikirin: wanne ne ya mutu, wanne ne ya maƙale?



Mu da muke sana'ar waya da laftof a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, cikin rigingimun da ake kawo mana sulhu akwai wadda ba ta ƙarewa, kuma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba ake yin ta. Mutum zai sayi laftof tokumbo, ya kai gida Agege ko Idi-Araba, da dare ya kunna sai ya ga wani ɗan ɗigo a sikirin wanda ko ya goge ba ya fita. Washegari ya dawo yana cewa an cuce shi. Mai shago kuma ya rantse lafiya lau ya ba shi. Sau da yawa duk su biyun gaskiya suke faɗi, domin ɗigon yana nan tun farko, hasken rana da hoton da ke kan sikirin ne suka ɓoye shi.

Kafin a yi maganar wa zai biya, sai an san wane irin ɗigo ne. Iri biyu ne manya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Hoton da muke gani a sikirin ƙananan ɗigogi ne aka jera, su ake kira fiksel. Laftof mai 1920 x 1080 tana da fiksel 2,073,600, kuma a sikirin mai inci 15.6 faɗin kowanne bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. A cikin kowane fiksel akwai 'ya'ya uku, ja da kore da shuɗi. In duka ukun suka kunnu sai ido ya ga fari, in duka suka mutu sai ya ga baƙi, sauran launuka kuma gauraye ne. Mataccen fiksel shi ne wanda 'ya'yansa uku duk sun daina ba da haske, ya zama baƙin ɗigo ko me aka nuna. Maƙalalle kuwa shi ne wanda ɗaya daga cikin 'ya'yan ya tsaya a kunne, ya ƙi bin umarni, sai ka riƙa ganin ɗigo ja ko kore ko shuɗi a wuri ɗaya.

Abin da ya sa muke gwaji da launi zalla ke nan. Ana cika sikirin gaba ɗaya da launi guda, babu rubutu babu hoto, a bi su ɗaya bayan ɗaya: baƙi, fari, ja, kore, shuɗi. A yawancin wayoyin Samsung, in ka danna `*#0*#` a wurin buga lamba zai buɗe shafin gwaji mai `RED`, `GREEN` da `BLUE`. A laftof ɗin Dell, in ka kashe ta, ka danne harafin `D` sannan ka danna makunni, ita da kanta za ta riƙa sauya launuka tun kafin `Windows` ta tashi. Ga sauran, hotuna biyar na launi zalla a cikin filashi sun wadatar, a buɗe su su cika fuskar duka. A fara goge gilashin da ƙyalle mai laushi, a ƙure hasken sikirin, kuma a shiga cikin shago inda babu rana. Gwajin baƙi a bakin titi da tsakar rana ɓata lokaci ne.

Ga wata da aka kawo mana, don a ga yadda ake karanta sakamakon. Wani ɗalibi ne ya sayi laftof mai inci 15.6 a wurin ɗaya daga cikinmu, ya dawo da ƙorafin ɗigo biyu, ɗaya a sama ta dama, ɗaya kusa da tsakiya. Shi a wurinsa duka matattu ne, kuɗinsa yake so.

Muka sa baƙi. Na sama ya fito ja jawur kamar garwashi, na tsakiya kuwa babu shi. Muka sa fari, sai na sama ya ɓace, na tsakiya ya bayyana baƙi ƙirin. A kan ja, na sama ya saje da sauran bai ganuwa, na tsakiya yana nan baƙi. A kan kore, na sama ya koma rawaya, domin ja da kore in sun haɗu a haske rawaya suke bayarwa. A kan shuɗi ya koma shunayya mai haske. Shi kuwa na tsakiya bai sauya ba ko sau ɗaya, baƙi ne a kan fari da ja da kore da shuɗi. Nan take magana ta fito fili: na sama ɗansa ja ne ya maƙale a kunne, sauran biyun suna aiki, na tsakiya kuma ya mutu murus.

Akwai na uku da ke rikita mutane, wato inda ɗa guda ne kaɗai ya mutu. In jan ne ya mutu, ba za ka ga komai ba a kan baƙi da kore da shuɗi. A kan ja zai fito baƙi, a kan fari kuma ya fito shuɗi-shuɗi mai haske, saboda kore da shuɗi ne suka rage. Wanda ya tsaya a gwajin baƙi da fari kawai zai iya ce masa maƙalalle tunda ya ga launi, alhali shafin ja ne zai faɗi gaskiyarsa. Shi ya sa ba ma yarda a tsallake ko ɗaya daga cikin biyar ɗin.

Ƙura ma tana kwaikwayon mataccen fiksel, musamman wadda ta shiga ƙarƙashin gilashin kariya na waya. Bambancin shi ne ƙura ba ta da siffa mai kusurwa huɗu, in ka karkata kanka tana ɗan gusawa daga inda take, in kuma ka kashe sikirin ka haska tocila za ka gan ta. Sannan in kana shakkar ko daga sikirin ne ko daga cikin na'urar, ɗauki hoton fuskar da na'urar kanta ka tura wa wata waya. Lalataccen fiksel ba ya fitowa a irin wannan hoton.

To, gyara fa? A nan ne muke so 'yan uwa su daina yi wa masu saye alƙawarin da ba su da iko a kansa.

Matacce ba ya tashi. A sikirin na LCD kowane ɗa yana da ɗan ƙaramin makunninsa na lantarki da aka shimfiɗa a jikin gilashin tun daga masana'anta. In ya lalace babu injiniyan da zai kai masa hannu, ko a Ikeja ko a Alaba. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai tayar da baƙin ɗigo da manhaja, shayi kawai ka saya masa.

Maƙalalle shi ne ake sa rai, amma rai ne kawai ba tabbas ba. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a tilasta wa wurin sauya launi da sauri. Shafin `JScreenFix` yana ba da ɗan akwati mai walƙiya da za ka ja ka ɗora a kan ɗigon, ka bar shi aƙalla minti 10. Mu mukan bar shi ya fi haka, a sake sau biyu ko uku, in bai saki ba mu haƙura. A juya fuskar daga mutane yayin da yake aiki, domin irin wannan walƙiyar tana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Dalilin da ya sa ba kullum yake aiki ba shi ne, ɗigo mai haske ba lallai ne ya zama maƙalewa ta ɗan lokaci ba. A sikirin irin TN, wanda ya cika tsofaffin laftof masu araha, in makunnin ya mutu ɗigon a kunne yake tsayawa, ba a kashe ba. Ka ga ke nan ido zai ce maka maƙalalle ne, amma a ciki matacce ne, kuma ko ka kwana kana masa walƙiya ba zai motsa ba. Na ɗalibin nan haka ya yi mana, jan ɗigon bai gusa ba.

Sai hanyar dannawa, wadda yara masu koyo suke so: a kashe sikirin, a sa ƙyalle, a danna wurin a hankali da abu marar tsini sannan a kunna. Wani lokaci tana saki. Amma mun sha ganin ɗigo ɗaya ya koma tabo mai faɗin farce saboda hannu ya yi nauyi, kuma tabon danni ya fi ɗigo muni nesa ba kusa ba. Ra'ayinmu shi ne kada a yi wa kayan mutane, sai in mai kayan ya riga ya amince zai sauya sikirin in abin ya ɓaci. A wayoyi masu OLED kuwa kada ma a fara, domin kowane ɗigo shi yake ba da haskensa, babu ruwan da danni zai motsa. In ka ga baƙin tabo a OLED yana faɗaɗa kullum kamar tawada, wannan ba maganar fiksel ɗaya ba ce, ciki ne ya tsage iska ta shiga, kuma zai ci gaba da ci.

Abin da ya rage shi ne sauya sikirin gaba ɗaya. A laftof ana duba lambar da ke jikin takardar bayan sikirin, a tabbatar girma da yawan fiksel da bakin wayar sun yi daidai, domin akwai mai fil 30 akwai mai fil 40, kuma ba sa shiga wa juna. Sabon ma a yi masa gwajin launi biyar kafin a rufe murfi, tunda da yawa daga cikin na kasuwa daga jikin wata laftof aka ciro su.

Masu sayen sabo a kwali kuma su sani ba kowane ɗigo ne garanti ke ɗauka ba. Ƙa'idar ISO 13406-2, wadda kamfanoni suka daɗe suna bi kafin a maye gurbinta, a mataki na biyu ta yafe fiksel 2 masu haske da 2 matattu da 'ya'ya 5 masu matsala a cikin kowane miliyan. Wato sikirin mai fiksel miliyan biyu zai iya zuwa da baƙin ɗigo har huɗu, kamfani ya ce lafiyarsa ƙalau. Wasu sun fi sassauci, kamar Dell da ke sauya monita na `UltraSharp` ko da ɗigo mai haske ɗaya ne, amma sai ka karanta takardar kamfanin da ka saya. Tokumbo kuwa ba shi da kamfani, mai shago ne garantinsa.

Yadda muka raba ta ɗalibin shi ne, tunda ba a gwada a gabansa ranar ciniki ba, kuma mataccen yana tsakiya inda ido ke sauka in ana karatu, mai shago ya ɗauki kuɗin sabon sikirin, shi kuma ya biya ladan ɗaurawa. Da na sama ne kaɗai, can gefe, da ragi kawai za mu nema masa. Shawararmu ga duk ɗan ƙungiya ita ce ya ajiye launukan nan biyar a filashinsa, ya nuna wa mai saye su kafin a ƙirga kuɗi. In an ga ɗigo, a rubuta a rasit inda yake da launinsa da shafin da ya fito a kai, duka biyun su sa hannu.